Kusurwar da Na Ƙi Ɗauka

Na yi wa wani kamfanin 'yan Koriya tuƙi shekara biyu da 'yan watanni, a lokacin da aka farfasa titunan Jidda ana shimfiɗa sababbi, ko'ina ka bi rami ne da tulin yashi. Ina da shekara talatin da ɗoriya a lokacin, da mata da 'ya'ya uku, muna zaune a unguwar Nuzla cikin ɗaki biyun da mahaifina ya bari. Farar wanet aka damƙa mini, wato akori-kura, kuma aikina ɗaya ne: in ɗauki mai awon kamfanin da na'urarsa mai ƙafa uku in kai shi duk inda za a ja layin hanya, in jira, in dawo da shi sansaninsu da ke can gaba da Ruwais.

Mai awon nan ya girmi duk sauran. Gajere ne, gashinsa ya yi fari fat, ga wata hular kaki da ba ya rabuwa da ita. Muhandis nake ce masa, wato injiniya. Shi kuwa wata uku na farko sawwag yake ce mini, direba ke nan, sai daga baya ya koma sadik, wato aboki. Larabcinsa bai wuce cikin cokali ba: kwayyis, mafi, shwayya shwayya, halas, wato da kyau, babu, sannu-sannu, an gama. Ni kuma ko kalma ɗaya ta yarensu ban iya ba sai sunan wasan da zan ba da labarinsa. Da wannan ɗan abin muka yi zaman shekara biyu, kuma ban taɓa jin magana ta ƙare mana ba.

Wata Juma'a aka aike ni sansanin da saƙon ofis bayan an sauko daga masallaci. Na tarar da shi a ɗakinsa na katako shi kaɗai, ya buɗe wani allo a kan akwati, allon duk layuka a tsaye da kwance, yana jera wasu 'yan duwatsu masu santsi, baƙaƙe da farare. Ni ɗan gidan dara ne. Mahaifina da abokansa a ƙasa suke haƙa gurabensu a ƙofar gida, kuma tun ina yaro na iya wasan dama da na keram. Sai na tsaya ina kallo, na ce a raina wannan ai dara ce ta sha wanka. Ya ɗago ya dube ni, ya nuna mini tabarma, ya turo mini kwanon baƙaƙen.

Baduk suke kiransa. Daga baya na ji mutanen Japan go suke cewa. Layi goma sha tara ne ta kowane ɓangare, kuma a kan mahaɗar layuka ake ɗora dutse, ba a cikin akwatin ba. Dutsen da ka ajiye ba ya motsi, sai dai in an kewaye shi an toshe masa duk hanyar numfashi a ɗauke shi. Abin da ake nema fili ne. Kowa yana kewaye nasa, a ƙarshe a ƙirga mahaɗun da babu dutse a cikin shingen kowa, su gidaje suke kiransu, mai gidaje da yawa shi ya ci. Dokar ke nan kusan duka. Na ce masa da Larabci wannan ai kafin la'asar na iya. Bai gane ba, kuma gara da bai gane ba.

Wanda ya fi iyawa shi ke riƙe fari. Wanda bai kai ba a ba shi baƙi, a kuma ba shi rata: ya fara jera duwatsunsa a kan wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe guda tara da ke jikin allon, huɗu a kusurwoyi, huɗu a tsakiyar gefuna, ɗaya a cibiya. Da tara na fara. Duk da taran nan ya lallasa ni har ban ga abin ƙirgawa ba. Na koma gida ina huci, uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, lafiya? Ko motar ce?" Na ce mata ba mota ba ce, wani tsoho ne ya cinye mini duwatsu. Ta ce in dai ba caca ba ce da sauƙi. Na rantse mata ko hilala ɗaya ba a sa ba, kuma gaskiya ne, ba mu taɓa sa komai ba.

Daga nan kowace Juma'a ina can. Kafin a fara shi yakan ɗan sunkuyar da kai. Ni na nuna masa ba na sunkuya wa kowa sai Allah, na ɗora hannu a ƙirji, ya karɓi hakan ba tare da wani ɓacin rai ba. In an kira la'asar zan tashi in yi salla a bayan ɗakin, shi kuma ya dafa mana shayi, in na dawo in tarar da allon yadda na bar shi. Ya koya mini riƙe dutse tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, a buga shi ƙas a kan katako. Watan farko duwatsu sun yi ta tsalle suna shiga ƙarƙashin gado.

Akwai al'adarsu guda biyu da suka shiga raina. Ta farko, in an gama wasa ba a tashi. Zai share allon ya sake jera wasan tun daga dutsen farko, daga ka, ba ya kuskuren ko ɗaya. In ya iso inda na ɓata, ba zai yi magana ba. Zai ɗaga dutsen nawa, ya ɗan riƙe shi a sama, ya ajiye shi inda ya kamata, ya dube ni. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta biyu ita ce ta rata. In ka ci sau uku a jere, a rage maka dutse ɗaya. In an cinye ka sau uku a jere, a ƙara maka. Babu roƙo, babu alfarma. Haka na sauko daga tara zuwa takwas, zuwa shida, na daɗe a biyar, na kai uku na sake komawa huɗu, ranar ko abincin dare ban ci ba. Ya nuna mini da yatsu cewa bayan biyu babu ɗaya. In ka wuce biyu, allo ne wayam a gabanka, kai mai baƙi kai za ka fara sa dutse inda ka ga dama. Tun ranar da na fahimci haka ban ƙara son wani abu a wasan nan ba sai wannan: in zauna gaban tsohon nan babu dutsen da aka ba ni kyauta, in sa na farko da hannuna.

Dole in faɗi dalili, don ban da shi abin da na yi daga baya zai zama wauta zalla, ko da yake wautar ce. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi uwata. Kakana ne ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Mahaifina ruwa ya sayar duk rayuwarsa, garwa biyu a sanda a kafaɗa, yana hawa benayen tsohon gari har kafaɗar ta yi kanta. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Amma ina yaro, in na tsaya a bakin kasuwa lokacin alhazai ina jiran ya fito, sai wani ya zo wucewa ya dubi fatata ya cusa mini kuɗi a hannu, ko tambayata bai yi ba. Na sha jefar da su a ƙasa. Na girma da wannan zafin. In mutum ya ba ni abu ban nema ba, kafin in ga abin sai na fara neman raini a fuskarsa. Uwar 'ya'yana ta sha gaya mini wannan zuciyar ita za ta ja mini, ni kuma in ce mata ta bar ni da halina.

To duwatsun ratar nan haka suke mini. Na san ƙa'ida ce, na san babu raini a ciki. Duk da haka kowace Juma'a in ina jera su sai in ji kamar sadaka nake karɓa.

Ratar ta kuma yi mini wata illa da ban gane ba sai da na sauko biyu. Daga tara har zuwa huɗu, kusurwoyin allo duka huɗun da dutsena a kai tun kafin a fara. A uku ma, kusurwa ɗaya ce ta rage, kuma da yake fari ne ke fara sawa in akwai rata, shi yake ɗauke ta nan take. Ashe shekara ɗaya da rabi ina wasa ban taɓa zaɓar kusurwa da kaina ba. A wurina kusurwa abin da ake ba mai rauni ne. Abin da nake ji nawa ne, wanda hannuna ya gina, shi ne gefe. In ga dutsena a can, in tsallake layi huɗu ko biyar in dasa wani, in ga gefen allo gaba ɗaya ya zama kamar filina. Kai, abin yana yi mini daɗi.

Muhandis ya yi ƙoƙari a kaina. Wata rana ya share allo ya ce in duba. Ya kewaye gida tara a kusurwa da dutse shida. Ya kewaye gida tara a gefe, sai da ya sa dutse tara. A tsakiya kuwa goma sha biyu. Ya buga bakin allon da yatsa ta nan da ta nan, ya ce, "Jidar. Balash." Wato bango ne kyauta. Na gane sarai, don haka muke gini a Nuzla, wanda ya samu lungu ya jingina da bangon maƙwabta biyu, biyu kawai zai tayar. Kusurwa tukuna, sannan gefe, sannan tsakiya. Amma kalmar balash ɗin nan da ya faɗa ba ta taimaki maganarsa a kunnena ba.

A rata biyu, dutsena ɗaya yana kusurwar dama ta sama, wajen da yake zaune, ɗayan yana kusurwar hagu ta ƙasa, wajena. Kusurwa biyu wayam. Kullum yakan ɗauki ɗaya da dutsensa na farko, ɗayar ta rage a gabana. Sau biyu ina ƙin ta ina tafiya gefe, sau biyu yana ɗauke ta yana cinye ni. Da na ga saura kiris in koma uku sai na haƙura na fara ɗauka. Wasan ya daidaita, yau ni gobe shi, muka yi watanni a haka. Sai ga shi na ci ɗaya, Juma'a ta zagayo na ƙara cin wani da gida huɗu.

A cikin makon ne, muna kan hanyar Madina ya kafa na'urarsa, ya ce mini, "Ana halas. Sabt, ɗayyara." Kwantiraginsa ya ƙare, ranar Asabar zai hau jirgi. Ya nuna mini hoton jikarsa da aka haifa bayan tahowarsa, bai taɓa ganinta ba. Na yi masa murna da gaske. Sai da muka kama hanyar komawa na lissafa abin da ya rage mini: Juma'a ɗaya. In na ci, uku sun cika, kuma da sauran lokacin wasa na biyu kafin magariba, a kan allo wayam. In ban ci ba shi ke nan.

Ranar Juma'ar uwar 'ya'yana ta ɗaure masa yajin tsire cikin gwangwanin madara, don tsohon yana son yaji kamar me, har a shinkafa yake barbaɗawa. Da ta miƙo mini ta ce, "Malam, ka gaishe shi, ka ce Allah ya kai shi lafiya. Kuma don Allah ka bar zuciyar nan a gida." Na ce mata wasa zan je ba dambe ba.

Na tarar ya gama haɗa kaya. Akwati biyu a bakin ƙofa, gadon babu zanin gado, allon kaɗai ya bari a waje. Ya sunkuyar da kai, na ɗora hannu a ƙirji, na jera duwatsuna biyu.

Ya ɗauki farin dutse ya daɗe yana kallon allo. Ina jira ya ɗauki kusurwarsa kamar kullum. Sai ya ajiye shi kusa da dutsena na dama ta sama, a layi na uku daga bakin allo ta gefen sama, irin kusantar da ake yi in ana son a raba kusurwa da mai ita. Na amsa yadda ya koya mini, na tsallake layi ɗaya na sauko da dutse ta gefen dama, don kada ya matse ni ta ɓangare biyu. Shi kuma ya buɗa nasa zuwa tsakiyar gefen sama. Ya ɗauke hannu ya kurɓi shayi.

Yanzu ni ke da sawa, ga kusurwa biyu wayam, ta hagu a sama da ta dama a ƙasa, babu wanda ya taɓa su. Tunda muke wasa bai taɓa yin haka ba. Kowane mai hankali ya san abin yi: ka ɗauki ɗaya, shi ya ɗauki ɗaya, kana da uku yana da ɗaya, ka ci gaba da wasanka cikin kwanciyar hankali. Har hannuna ya tafi kusurwar dama ta ƙasa, dutsen yana tsakanin yatsuna.

Sai na ɗaga kai na dube shi. Ba ni yake kallo ba, akwatunansa yake kallo, fuskarsa a sake. Nan take wani abu ya faɗo mini: tsohon nan sallama yake yi mini. Ya san abin da nake so, ya san gobe zai tafi, shi ya sa ya bar mini kusurwoyi a buɗe in ɗiba in ci, ya tafi ya bar direbansa da farin ciki. Kuɗin nan ne ake sake cusa mini a hannu. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata haba Muhandis, har da kai? Shekara biyu ina zuwa nan don a yi mini sadaka ranar ƙarshe?

Na janye hannuna daga kusurwar. Na koma gefen dama, daga dutsen da na amsa da shi na ƙirga layi biyar na tsallake, na buga dutsen a layi na huɗu da ƙarfi har kofin shayi ya yi ƙara. Ko buɗawar ma, da uku na tsallake da ta yi kyau, na san haka. Biyar na yi don ya gani.

Bai ko ɗago ba. Ya sa dutse a kusurwar dama ta ƙasa, ita ɗin da na ƙi, a mahaɗar layi na uku da na huɗu. Sai a lokacin na ga abin da na yi. Tsakanin duwatsuna biyu na gefe akwai ƙofa wangale. In ya faɗo tsakiyarta a layi na uku, yana da hanya ta sama wajen kusurwata, yana da hanya ta ƙasa ya bi ta ƙarƙashin dutsena ya haɗe da sabuwar kusurwarsa. Ba zan iya toshe duka biyun ba. Filin da nake taƙama da shi ba nawa ba ne tukuna. Tsoro ya kama ni, na ƙara dutse a tsakiyar na rufe ƙofar. Shi kuwa ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki kusurwar hagu ta sama. Wannan dutsen da biyun da ya sa tun farko suka haɗu suka riƙe gefen sama kusan duka. Dutse bakwai kacal muka sa, ratar da na zauna da ita ta narke.

Ban ba da kai ba. Na shiga gefen saman nan da ƙyar na samu ido biyu, wato gurbi biyu a cikin rukunin duwatsuna da ba za a iya toshe su duka ba, na rayu. Na tashi na yi la'asar, kuma Allah ya yafe mini, allon nake gani a sujada. Na dawo muka ci gaba. Na lura yana daɗewa kafin ya sa dutse, ya cire hular kakin ya ajiye, zufa a goshinsa duk da sanyin na'urar ɗakin. A bakin iyaka, inda ake ja-in-ja kan gida ɗaya-ɗaya, bai bar mini ko ɗaya ba. Muka gama, kowa ya zuba duwatsun da ya kama a filin ɗan'uwansa, muka gyara gidajen suka zama murabba'i don ƙirga. Ya fi ni da gida uku.

Ya share allon ya fara jera wasan daga farko. Duwatsuna biyu, kusantarsa, amsata, buɗawarsa. Ya sa dutsen nan nawa na gefe, sannan ya ɗaga shi ya riƙe a sama. Ya ajiye shi a kusurwar dama ta ƙasa, ya nuna yadda daga nan gefen daman zai zo mini daga baya ta ɓangare biyu, ba sai na yi gaggawa ba. Ya sake ɗaga shi ya ajiye a kusurwar hagu ta sama, ya nuna yadda zai hana gefen sama haɗuwa. Ko wacce na ɗauka daidai ne.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Ya Muhandis, lesh? Me ya sa ka bar su a buɗe? Hadiyya ce?" Na nuna kusurwoyin, na nuna kaina, na yi alamar miƙa kyauta da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallona kafin ya gane. Da ya gane, sai fuskarsa ta canja, ban taɓa ganin ya ɓata rai haka ba. Ya ce, "Hadiyya? La. Mafi hadiyya." Ya nuna yatsu biyu, wasa biyun da na ci. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ana khof." Tsoro ya ji. Ya nuna kansa, ya nuna kwanaki da yatsu, wato duk makon yana tunanin yadda zai yi da ni. Sannan ya nuna ni, ya shafa gefen allon daga sama har ƙasa, ya ce, "Inta hubb hada. Ana ma'lum." Kai wannan kake so, na sani.

Ashe ba sadaka ba ce, tarko ne. Tsohon nan ya zauna ya auna ni kamar yadda yake auna hanya, ya ga in muka bi wasan da muka saba zan iya cinye shi karo na uku, sai ya yi kasada. Ya bar kusurwa biyu a buɗe, ya san in na ɗauki ɗaya shi ke cikin wahala, amma ya san wanda ke zaune a gabansa. Da dukan ƙarfinsa ya yaƙe ni, ranar da zai iya sakar mini babu wanda zai sani. Kunya ta kama ni, tare da wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Na fashe da dariya, na ce masa da Hausa, "Kai tsohon nan mugu ne!" Ya ji daga muryata, shi ma ya yi dariya har da tari.

Da sauran lokaci kafin magariba. Ya share allon tas, ya zauna yana kallonsa, ni ma ina kallo. Ba zan ɓoye ba, ina jira ya turo mini kwanon ya ce yalla, fara, ba rata, tunda yau ce ta ƙarshe. Ina so kamar in mutu. Kuma na san in ya faɗa zan ƙi, in tafi gida da haushinsa har abada. Ya turo mini kwanon baƙaƙen. Ya ɗaga yatsu biyu.

Na jera duwatsuna biyu. A karon farko ban ji kamar sadaka nake karɓa ba.

Ya kusanci dutsena na dama ta sama, daidai inda ya sa ɗazu. Na amsa. Ya buɗa zuwa tsakiyar gefen sama, ya ɗauke hannu. Na ɗauki dutse na ajiye a kusurwar dama ta ƙasa, a hankali, ko ƙara bai yi ba. Ya ce, "Kwayyis." Ba mu kai rabin wasan ba aka kira magariba a masallacin Ruwais. Na tashi, shi kuma ya fara kwashe duwatsun yana zubawa a kwanukansu.

Da safe na kai shi tsohon filin jirgi na wajen Sharafiyya, allon a naɗe cikin tawul a hammatarsa, gwangwanin yaji a aljihun kwat. A bakin ƙofa ya ɗora hannu a ƙirji irin nawa. Ban sake jin labarinsa ba.

Bayan tafiyarsa 'yan ƙasarsu sun cika Jidda, kuma na yi wasa da da yawa daga cikinsu a kan allo wayam. Na ci wasu, wasu ma ni na riƙe fari na ba su rata. In suka tambaye ni ƙarfina a wasan, don su san dutse nawa za a sa, nakan ce musu akwai wani mai awo da yake ba ni biyu, kuma har yanzu biyun ne.